Ruwa, Wuta da Girgizar Ƙasa: Yadda Ake Shirin Kare Wurin Tarihi, Darasi Daga Kwarin Kathmandu

Ranar Asabar, 25 ga Afrilun 2015, saura 'yan mintuna rana ta take tsaka, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.8 ta afka wa ƙasar Nepal. Tushenta yana gundumar Gorkha, kimanin kilomita 80 arewa maso yamma da babban birnin ƙasar, Kathmandu. Mutum kusan 9,000 suka rasa rayukansu, sama da 20,000 suka ji rauni. Asabar ita ce ranar hutun mako a Nepal, don haka dandalin tsofaffin fadoji cike suke da masu yawon buɗe ido, da masu ibada, da 'yan kasuwa. A cikin Kasthamandap, wani katafaren zauren katako mai rufi hawa uku da ke tsakiyar tsohon birni, ana cikin karɓar gudummawar jini ginin ya rufto wa mutane. Bayan kwana 17, ranar 12 ga Mayu, wata girgizar mai maki 7.3 ta biyo baya, ta ƙarasa gine-gine da dama da ta farko ta bari a tsattsage.

Kwarin Kathmandu ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO tun 1979. Rukunin gine-gine 7 ne a warwatse cikin kwarin: dandalin fadojin Kathmandu da Patan da Bhaktapur, da wuraren ibadar mabiya Buddha na Swayambhu da Bauddhanath, da na mabiya Hindu na Pashupati da Changu Narayan. Mafi yawansu da gasasshen bulo aka gina su, aka haɗa bulon da laka, aka ɗaure da katako mai sassaƙa, aka rufe da ƙananan tayil na yumɓu a bisa shimfiɗar laka. Irin wannan gini yana da maƙiya uku, kuma dukansu suna nan a kwarin. Ƙasar na girgiza, damina na zuwa da ruwa kamar da bakin ƙwarya, ga katako da fitilun mai a kowace kusurwa. Shi ya sa duk mai son sanin yadda ake tsara shirin kare wurin tarihi daga bala'i zai yi wuya ya samu makarantar da ta fi wannan.

Abin da aka tono a ƙarƙashin Kasthamandap

Bayan an kwashe ɓaraguzai, masu binciken kayan tarihi daga Jami'ar Durham ta Birtaniya da Sashen Kula da Kayan Tarihi na Nepal sun haƙa ƙarƙashin zauren don su san dalilin faɗuwarsa. Zaton mutane da yawa shi ne harsashin ginin ne ya gaza, tunda da laka aka haɗa shi. Abin da aka gani akasin haka ne. Harsashin, wanda bincike ya nuna asalinsa ya kai ƙarni na 7, yana nan daram, bai tsage ba, alhali ya ga manyan girgizar ƙasa da dama, ciki har da ta 1833 da ta 1934.

Matsalar tana daidai wurin da katako ya haɗu da ƙasa. Nauyin zauren yana kan manyan ginshiƙan katako huɗu ne da ke tsakiya. Magina na farko sun fiƙe gindin kowane ginshiƙi, suka soka shi cikin ramin da aka sassaƙa a dutse, kamar taɓarya a cikin turmi, don ginshiƙin ya iya rangaji ba tare da ya zame daga mazauninsa ba. Sun kuma sa fallen tagulla a gindin don hana danshi cin katakon. Masu binciken sun tarar cewa a wani gyara da aka yi can baya, an daɓe kan ɗaya daga cikin duwatsun huɗu, ginshiƙin ya koma yana zaune bisa daɓe kawai, babu abin da ya riƙe ƙafarsa. A ganinsu wannan na cikin abin da ya kayar da ginin. Danshi ya yi shekaru yana cin gindin katako, gyaran gaggawa ya rufe ciwon ba tare da ya warkar da shi ba, girgiza ta zo ta tarar da aiki ya yi nisa.

Wannan shi ne ginshiƙin duk wani shiri na ƙwarai: bala'o'in nan uku ba a ware suke ba, ɗaya ne ke share wa ɗaya hanya. Ruwa ke ruɓar da katako ya tausasa laka, girgiza ta kayar da abin da ruwa ya raunana, ta fasa bututun ruwa ta tsinka wayoyin lantarki, sannan wuta ta tashi a lokacin da famfo ya ƙafe, lunguna suka toshe. Idan an tsira daga wutar, damina ta dawo ta sauka cikin ginin da ba shi da rufi. A 2015 tsakanin girgizar farko da faɗuwar damina bai kai wata biyu ba. Littafin jagora da UNESCO da abokan aikinta suka fitar a 2010 kan wannan batu ya kasa aikin gida uku, wato kafin bala'i, da lokacinsa, da bayansa, kuma mafi nauyin aikin yana kashi na farko ne.

A fara da sanin abin da ake da shi

Shafin farko na shirin rajista ce. Kowane gini a ba shi lamba, a auna shi, a zana shi, a ɗauki hotonsa ta kowace fuska, har da sassaƙar ƙofa da taga da madogaran rufi ɗaya bayan ɗaya. Kowane abu mai ɗaukuwa, gunki ne, ƙararrawa ce, ko rubutun hannu, a rubuta girmansa da nauyinsa da ɗakin da yake. Sannan a ajiye kwafin rajistar a wani gari daban, domin rajistar da ke cikin ginin da ya rushe ko ya ƙone ba ta da amfani. Gine-ginen da aka sake tayarwa yadda suke bayan 2015, waɗanda ke da zane da hotuna ne tun kafin girgizar. Inda babu, sai da aka riƙa neman tsofaffin hotuna daga hannun jama'a.

Bayan rajista sai auna haɗari. Hanyar da aka fi bi mai sauƙi ce. A ba kowane haɗari maki daga 1 zuwa 5 bisa yiwuwar aukuwarsa, a ba shi wani makin daga 1 zuwa 5 bisa girman ɓarnar da zai yi, sannan a ninka. Mu ɗauki misalin wani wurin ibada mai rufi hawa biyu a tsakiyar dandali. Yoyon rufi na faruwa kowace damina, ya samu 5, ɓarnarsa a shekara ɗaya kaɗan ce amma tana taruwa a jikin katako, ta samu 3, jimla 15. Gobara daga fitilar mai ko tsohuwar waya ba kullum ba ce, ta samu 3, amma in ta tashi ba ta barin komai, ta samu 5, jimla 15. Babbar girgiza kan yi shekaru da dama ba ta zo ba, ta samu 2, ɓarnarta 5, jimla 10. Wannan lissafi ba hukunci ba ne, hanya ce ta tilasta wa masu kula da wuri su zauna su yi gardama kan abin da za a fara kashe wa kuɗi. Sau da yawa yakan nuna cewa kuɗin da za a kashe a gyaran rufi shi ne kuma kuɗin kariya daga girgiza, tunda busasshen katako ne ke riƙe gini.

Ruwa: daga sama da kuma daga ƙasa

Kusan kashi 80 cikin 100 na ruwan da Nepal ke samu a shekara yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba. A ƙarshen Satumbar 2024, an yi ruwan da ya kai kimanin milimita 240 cikin awa 24 a Kathmandu. Kogin Bagmati da rassansa suka yi ambaliya, mutum sama da 200 suka mutu a faɗin ƙasar. Wurin ibadar Pashupati a bakin Bagmati yake. Swayambhu da Changu Narayan kuwa a kan tudu suke, ambaliya ba ta kai musu, amma ruwan da ke jiƙa gangaren na iya jawo zaftarewar ƙasa. Don haka ko a kwari ɗaya, kowane wuri da irin tasa barazanar ruwan.

Mai tsara shiri ba ya tsayawa kan cewa ana ruwa da yawa, lissafi yake yi. Milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya daidai yake da lita ɗaya. A ɗauki tsakar gidan fada mai faɗin mita 20 da tsawon mita 20, wato murabba'in mita 400, a ƙara da rufin ɗakunan da ke zubar da ruwansu cikinta, a ce murabba'in mita 600. Jimla 1,000 ke nan. Ruwan milimita 240 zai tara lita 240,000 a wannan tsakar gida, wato jarka 9,600 mai cin lita 25. Idan kuma milimita 50 suka sauka cikin awa guda, dole magudanar ta iya fitar da kusan lita 14 a kowace daƙiƙa. Sai a je a duba: magudanar da ke nan za ta iya? Ina take zubarwa? Shin titin waje bai fi tsakar gidan tudu ba, saboda kwalta da aka yi ta ɗorawa bisa kwalta? A tsofaffin birane wannan na ƙarshen ya zama ruwan dare, sai ka ga ruwan titi yana kwarara cikin ginin da ya kamata ya fita daga cikinsa.

Ruwan da ya fi ɓarna ma ba shi ne wanda ake gani a labarai ba. Wanda ke hawa daga ƙasa cikin bango a hankali ne, da wanda ke ɗiga daga rufi. Alamominsa ba ɓoyayyu ba ne ga mai lura: farin gishiri a jikin bulo daga ƙasa zuwa wajen ƙugu, bulo mai marmashewa in an goga masa yatsa, gindin ginshiƙi da tsinin wuƙa ke nutsewa cikinsa, da ciyawa ko ɗan bishiya da ya tsiro a rufi. Lakar da ke ƙarƙashin tayil gona ce ga tsiro, saiwarsa kuma na ɗaga tayil ta buɗe wa ruwa hanya. Saboda haka shirin yakan ƙunshi jadawali: kafin damina a cire tsiro, a maye fasassun tayil, a yashe magudanai, a tsakiyar damina a zaga bayan kowane babban ruwa, bayan damina a duba gindin katako. Kayan da ruwa ke lalatawa nan take, irin su takardu da yadi da zane, ba a ajiye su a ɗakin ƙasa. Takardar da ta jiƙe kan fara fumfuna cikin kwana biyu zuwa uku, don haka wurin shanyawa da wanda zai yi aikin, tun yau ake sanin su.

Wuta: mintuna ne, ba awoyi ba

A wuraren ibadar kwarin ana kunna fitilun mai da turare dare da rana, kusa da busasshen katako mai shekaru ɗaruruwa. Ga wayoyin lantarki da aka yi ta jonawa a jikin gini, ga tukwanen gas a shaguna da gidajen da ke manne da wurin tarihi. A 2003 gobara ta cinye cikin Pratappur, ɗaya daga cikin dogayen gine-gine biyu da ke tsaye a kan tudun Swayambhu. An gyara shi, tsawa ta faɗa masa a 2011. Ba za a ce wa masu ibada su daina kunna fitila ba, domin ibadar ce ta raya wurin. Abin da shiri ke yi shi ne ya ware wa fitilun mazauni na dutse ko ƙarfe nesa da katako da labule, ya sa mutum mai suna da zai tabbatar an kashe su kafin a rufe ƙofa, a sake wayoyin lantarki cikin bututu, a kafa maganin tsawa a kan dogayen gine-gine.

Na'urar gano hayaƙi tana da amfani ne kawai idan wanda ya ji ƙararta ya san abin yi. Gobarar majami'ar Notre-Dame ta birnin Paris, ranar 15 ga Afrilun 2019, ta nuna haka. Na'ura ta yi ƙara a kan lokaci, amma aka tura mai gadi ya duba wani rufin da ba shi ne ke ci ba, saboda ba a fahimci wurin da saƙon ke nufi ba. Kafin a gano kuskuren an yi asarar kusan rabin awa, wutar ta riga ta kama katakon rufi. Na'ura mai tsada ba ta maye gurbin mai gadin da aka zaga da shi kowane lungu aka nuna masa sunansa.

Sai batun ruwan kashe wutar. Lungunan tsohon Patan da Bhaktapur da yawa motar 'yan kwana-kwana ba ta shiga ko a ranar lafiya, balle ranar da bango ya faɗo cikinsu. A girgizar Kobe ta Japan a 1995, bututun ruwa sun farfashe, 'yan kwana-kwana suka isa unguwanni suna ci da wuta amma famfo babu ruwa. Daga wannan darasi ne birnin Kyoto ya gina tankin ƙarƙashin ƙasa mai cin lita miliyan ɗaya da rabi a tsohuwar unguwar da ke kusa da wurin ibadar Kiyomizu, da bututu masu jure girgiza, da famfunan da mazauna unguwa za su iya buɗewa da kansu. Ƙa'idar ita ce wurin tarihi ya mallaki ruwansa, wanda bai dogara da famfon gari ko wutar lantarki ba.

Nawa ne zai isa? A ce tiyo ɗaya na fesa lita 500 a minti, ana son biyu su yi aiki na tsawon awa guda kafin ɗauki ya iso. Lita 60,000 ke nan, wato tanki mai tsawon mita 5, faɗin mita 4, zurfin mita 3. Idan an samu tudu a ɗora tankin ya fi, domin nauyin ruwan ne zai tura shi ba tare da inji ba. In babu tudu, sai injin tura ruwa mai amfani da dizal, wanda ake tayarwa kowane mako don a tabbatar yana tashi. Mutanen kwarin na dā sun bar wa jikokinsu tafkuna da maɓuɓɓugan dutse a cikin unguwanni. Da yawa sun ƙafe ko an cike su an yi gini. Lokacin da hukuma ta fara gyaran tafkin Rani Pokhari da kankare bayan girgizar, mutanen gari sun tashi tsaye sai da aka fasa, aka mayar da shi da yumɓu da bulo yadda aka gina shi a ƙarni na 17, aka buɗe shi a 2020. Kowane tafki da aka raya a tsohon birni, rumbun ruwan kashe gobara ne.

Girgiza: a ɗaure gini, kada a sandarar da shi

Babu mai iya hana ƙasa girgiza, kuma babu mai iya faɗin ranarta. Kwarin Kathmandu tsohon tafki ne da ya ƙafe, birnin na zaune ne bisa laka da yashi masu zurfin ɗaruruwan mitoci, irin ƙasar da ke ƙara wa girgiza tsawo da lilo. Dogayen gine-gine ne suka fi jin jiki. Hasumiyar Dharahara mai hawa tara ta karye ta faɗi da mutane a cikinta.

Bangon gargajiya na kwarin yakan kasance fuska biyu: gasasshen bulo mai kyau ta waje, bulo mai araha ko tubali ta ciki, a cike tsakiya da gutsattsari da laka. Idan ba a ɗaure fuskokin biyu ba, girgiza kan raba su, ta waje ta zube. Abin da ke riƙe ginin shi ne katakon da aka kewaye bango da shi a kowane hawa, da turakun katako da ke kulle azarar bene da bango. Aikin ƙarfafawa shi ne a maye katakon da ya ruɓe, a mayar da turakun da suka ɓace, a ɗaure kusurwoyi, a rage nauyin da aka ɗora wa rufi. Gidan adana kayan tarihi na Patan, wanda aka gyara aka ƙarfafa kafin buɗe shi a 1997, ya tsallake girgizar 2015 yana tsaye, haka ma fadar nan mai tagogi 55 ta Bhaktapur da aka gyara shekaru kaɗan kafin girgizar.

Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar siminti a matsayin maganin komai. Laka da katako suna ba da kai su dawo, siminti kuwa sandararre ne. Idan aka ɗora dakalin kankare mai nauyi bisa bangon laka, ranar girgiza sai ya zama guduma a kansa. Idan aka shafe bango da siminti, danshi ya rasa mafita ya zauna ciki yana cin katako. Alamomin haɗari da ake koya wa masu kula da gini su ne tsaga mai gicciye tsakanin tagogi, bango mai ciki da ya turo waje, da kusurwar da ta fara rabuwa daga sama. Don a san ko tsaga na ƙaruwa, ana manna mata ɗan ma'auni, a rubuta kwanan wata, a riƙa dubawa.

Rai kuma shi ne gaba da komai. Shirin ya faɗi yawan mutanen da ɗaki ko hasumiya za ta ɗauka a lokaci guda, ya nuna hanyar fita, ya ware fili da jama'a za su taru nesa da inda bango zai iya faɗowa, wato aƙalla tazarar tsayin ginin. Ya kuma hana yin taro a ƙarƙashin ginin da ba a tabbatar da lafiyarsa ba.

Kwanakin farko bayan bala'i

Wurin tarihi kan yi asara sau biyu, ta bala'in kanta da ta abin da ke biyo baya. A dandalin Kathmandu an shigo da katafila don neman mutane a ƙarƙashin ɓaraguzai. Babu mai zargin wanda ke neman ceton rai. Amma injinan sun farfasa sassaƙaƙƙun katako, sun cakuɗa kayan wannan gini da na wancan, sun lalata daɓe da saman harsashi, har bayan da aikin ceto ya ƙare.

A Patan abin ya sha bamban. Wuraren ibada biyu, Char Narayan da Harishankar, sun zube ƙasa warwas. Mutanen unguwa, da 'yan sanda da sojoji, da ma'aikatan wata ƙungiyar adana gine-ginen kwarin da ta yi shekaru tana aiki a dandalin, suka tsare wurin, suka riƙa tsamo ƙofofi da tagogi da ginshiƙai da hannu suna kai su tsakar gidan fada, inda ake iya kullewa. Daga baya aka rarrabe su, aka sa musu lamba, masassaƙa suka gyara waɗanda suka karye. Da aka tashi sake gina wuraren biyu, sassaƙar asali da yawa ta koma mazauninta. Bambancin ba na kuɗi ba ne. A Patan akwai mutanen da suka san kowane katako da inda ya fito, akwai kuma wurin ajiya a kusa.

Abin da ya faru a Patan bisa ƙwazon jama'a shi ne shiri ke mayarwa doka a rubuce. Da farko a ceci mutane. Daga nan a killace wurin, a sa masu gadi, domin ɓarayin kayan tarihi ba sa jiran gari ya waye. Injiniya ya duba kowane gini ya manna masa alama, kore ga wanda za a shiga, rawaya ga wanda za a shiga da taka-tsantsan, ja ga wanda aka hana shiga, kamar yadda aka yi a Nepal a 2015. A ɗauki hoton ɓaraguzai kafin a taɓa su. A kasa filin gida-gida da igiya, duk abin da aka ɗauka a rubuta daga gidan da ya fito. A tokare bangon da ya karkata da katako, a rufe saman da ya buɗe da tamfol ko kwano, a bar wa iska hanya don kada danshi ya taru. Wannan duka yana buƙatar kaya a ajiye tun kafin ranar: tamfol, igiya, katakon tokara, hular kwano, safar hannu, tocila, alƙalami da takardun lamba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Wa ke riƙe da makulli?

Shirin da ya ce "hukumomin da abin ya shafa za su ɗauki mataki" bai faɗi komai ba. Shiri na gaske yana ɗauke da sunan mutum, da lambar wayarsa, da sunan wanda zai tsaya masa in ba ya nan. Wa ke da makullin ɗakin ajiya? Wa zai kashe wutar lantarki, kuma ina makashin yake? Waɗanne abubuwa goma za a fara fitarwa idan minti goma kawai ake da shi, kuma mutum nawa ke ɗaukar kowanne? A wurin ibada akwai ƙarin tambaya: akwai ɗakunan da limaman addinin kaɗai ke shiga, da kayan da ba kowa ke taɓawa ba. Idan ba a zauna da su tun da wuri an amince kan abin da za a yi ba, ranar gobara za a tsaya gardama a bakin ƙofa. Sannan a riƙa atisaye aƙalla sau ɗaya a shekara tare da 'yan kwana-kwana da mutanen unguwa, wani lokaci da dare, a auna minti nawa aka ɗauka kafin ruwa ya fito daga tiyo. Japan ta ware 26 ga Janairun kowace shekara don irin wannan atisaye, tunawa da gobarar da ta lalata zanen bangon wurin ibadar Horyuji a 1949.

Kuɗin gyaran yau da kullum shi ne inda shirye-shirye da yawa ke mutuwa. Mutanen kwarin suna da tsohon tsari da ake kira guti, mai kama da wakafi, inda ake ware gona a riƙa gyaran wurin ibada da amfaninta. Da gonakin suka koma hannun hukuma ko suka zama filayen gini, gyaran shekara-shekara ya ja baya. Bayan girgizar ma an yi ta ƙorafi kan ba da aikin gine-ginen tarihi ga ɗan kwangilar da ya fi sauƙin farashi. Kasthamandap sai da mutanen gari suka dage kafin aka sake gina shi da katako da bulo da laka a kan harsashinsa na asali, aka buɗe shi a 2022.

Mu a ƙasar Hausa girgizar ƙasa ba ita ce babbar barazanarmu ba, amma ruwa da wuta sun san ƙofar gidanmu. A Agustan 2023 wani sashe na Masallacin Juma'a na Zariya, ginin Babban Gwani na ƙarni na 19, ya rufto wa masallata. A daminar 2024 tsohon masallacin Damagaram ya rushe, ruwa kuma ya yi ɓarna a tsohon garin Agadas, wanda ke jerin UNESCO tun 2013. Ginin tubali da azara ma ta rufi da gindi yake mutuwa, ta toshewar indararo, da jinkirin yaɓe, da gara, da simintin da aka shafa masa da kyakkyawar niyya. Kwamitin masallaci ko na fada ba ya buƙatar jiran ƙwararru daga waje kafin ya fara. Ya ɗauki hoton ginin ciki da waje ya ajiye kwafi a wani wuri, ya gayyaci maginin gargajiya su hau rufi tare kafin ruwan farko, ya sa a duba wayoyin lantarki, ya tanadi ruwa a kusa, ya rubuta sunan wanda ke da alhakin kowane ɗaya daga cikin waɗannan. Idan magini ya ce azara ta ruɓe, a rufe wannan sashen a hana shiga, ko da ranar Juma'a ce, har sai an gyara.